Ɗan tallanmu kada ya canza kama

Aikinmu a nan Birnin Kebbi shi ne haɗa wa 'yan kasuwa gajerun bidiyoyin talla da AI, kuma abin da ya fi cin lokaci ba motsin ba ne, riƙe fuskar ɗan tallan ne ta zauna iri ɗaya. Manhajar ba ta tuna abin da ta zana jiya, duk danna maɓalli sabon zane take farawa, shi ya sa in da rubutu kawai ka kwatanta mata mutum to yau ga gemu gobe babu.

Wani mai injin casar shinkafa ya kawo mana aiki, yana son katun ɗin manomi ya fito a bidiyo 6. Shi dai Alhaji babbar riga mai aiki yake so da hula zanna, na ce masa ranka ya daɗe wannan aikin wuyan rigar da zanen hular su ne farkon abin da zai riƙa rikiɗa, don ƙananan zane ba sa tsayawa in hoto ya fara motsi. Da ƙyar ya yarda muka koma koriyar riga ba ado, malafa mai jan zare ɗaya, farin gemu gajere.

Sai muka zauna a kan hoto mara motsi tukuna, gaba, gefe, baya, da fuska daga kusa, har Alhaji ya sa hannu. Waɗannan su ne uwar aiki. Kowane fage, ko fadama ko bakin buhuna, sai mun fitar da hotonsa daga uwar nan sannan mu ba Kling, manhajar da ke mayar da hoto bidiyo, ta motsa shi daƙiƙa 5, ba ma zaɓar 10 don in bidiyon ya yi tsawo ko manomin ya juya kai fuskar ta fara zamewa ke nan. Jimlar da ke kwatanta shi kuwa kwafe ta muke ko harafi ba ma taɓawa.

Akwai dabarar da yara ke so, ɗauko hoton ƙarshen wannan bidiyo a fara na gaba da shi. Sau ɗaya ba laifi, amma kuskuren taruwa yake, kafin a kai na huɗu fatar ta yi haske hanci ya siranta, manomin Argungu ya koma wani daban. Ni na hana a shagona, a koma uwa kowane lokaci.

Kafin mu miƙa aiki ina ɗaukar hoton farko da na ƙarshen kowane bidiyo in jera su gefen uwar, in duba tsawon gemu, launin riga, jan zaren malafa, in ƙirga yatsu. Wanda ya kauce a sake shi, kuma kuɗin kiredit ɗin sakewa tun farko nake sa shi cikin farashi. Sunan kamfani a jikin buhu ma farin buhu muke bari, daga baya mu ɗora tambarin a CapCut, don manhajar AI kan jagwalgwala haruffa, ballantana ƙ da ɗ.