Laraba a Ƙofar Marusa: kwana na ɗaya cikin goma

Da hantsi yayata ta kira ni, muryarta na rawa: karen gadin maƙwabcinsu ya ciji ɗanta a ƙwauri. Ina isa na tarar samari sun fito da gorori suna neman karen, wata tsohuwa kuma na cewa a ƙona gashinsa a shafa a wurin.

Sai na fara kama yaron. Na zaunar da shi kan turmi, muka yi ta wanke ciwon da sabulu, ana zuba ruwa buta bayan buta, minti 15 cur, yana kuka yana cewa "Kawu, ya isa." Daga nan na ce "Yaya, sai asibiti." An yi masa allurar farko, an rubuta ranakun komawa.

Samarin ne suka fi ba ni aiki. Shekaruna a aikin lafiyar dabbobi, maganar da na fi shan wahalar shigarwa ke nan: kada a kashe karen da ke da mai shi, a ɗaure shi kwana goma a ga ko yana da cutar haukan kare.

Ƙwayar haukan kare ba ta jini take bi ba. Daga miyau take shiga nama, ta kama jijiyar da ke kai saƙo, ta riƙa hawa sannu a hankali zuwa laka, har ƙwaƙwalwa. Tafiyar kan ci wata biyu ko uku, shi ya sa allura ke iya riga ta, shi ya sa kuma cizon fuska ya fi na ƙafa haɗari. Da zarar alamu sun bayyana, sai dai addu'a.

A jikin kare, sai ta isa ƙwaƙwalwa take gangarowa cikin miyau, a lokacin kuwa kwanansa ya kusa ƙarewa. Saboda haka idan ya cika kwana 10 yana ci yana sha lafiya lau, ranar da ya yi cizon babu cutar a bakinsa. Amma wannan lura ba ta dakatar da allurar yaro. Tare suke tafiya.

Na nuna wa mai karen abin dubawa: dalalar miyau, canjin haushi, gaigayar sarƙa, kasa haɗiyar abinci, shanyewar ƙafafun baya. Wani ma ba ya faɗa, sai dai ya lafe baki a sake, a zaci ƙashi ne ya maƙale masa, a sa hannu. Wannan ya fi ba ni tsoro. Idan ya mutu, kada a jefar a bola, a kira ni, a aika kansa gwaji cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato.

Da na tambayi katin rigakafi sai ya sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci. Daga wata uku ake fara yi wa kwikwiyo, a maimaita duk shekara. Akwai kwikwiyo biyu a gidan, gobe da safe zan koma da allurarsu cikin kular ƙanƙara.