Jinin tsohuwa ɗaya, amsa huɗu

Takardar da likita ya dawo mini da ita ran nan da hannuna na cike ta. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti, ɓangaren da ake auna sinadaran jini, kuma a lokacin ni ne na ɗora wa kaina aikin rubuta eGFR, wato ƙiyasin yawan tacewar da ƙoda take yi a minti ɗaya, a ƙarƙashin kowane sakamakon kiratinin, sharar jiki da ake aunawa a jini don gane aikin ƙoda, domin injinmu kiratinin kaɗai yake fitarwa. Na shirya fomula a kwamfuta, in sa shekaru da jinsi da kiratinin, lamba ta fito in kwafa. Likitan ya ajiye takardar a gabana ya ce, "Malam, wannan 49 ɗin da wace fomula ka samo shi? Ni lissafina 30 ya ba ni."

Mai jinin wata dattijuwa ce mai shekara 68, tana fama da ciwon suga, an daɗe ana ba ta metfomin. Siririya ce ƙwarai, kilo 46, tsawonta santimita 152. Kiratinin ɗinta 115 µmol/L, wato 1.30 mg/dL idan aka raba da 88.4. Wanda bai duba da kyau ba zai ce ɗan hawa ne kawai, domin bai yi nisa da iyakar da aka buga a gefen takardarmu ba.

Muka zauna muka bi lissafin ɗaya bayan ɗaya. Ni na yi amfani da fomular CKD-EPI ta 2009, wadda take da ƙarin ninki 1.159 ga baƙar fata. Ba tare da ninkin ba lambar tsohuwar 42 ce, ninkin ne ya ɗaga ta zuwa 49. Shi kuwa likita da Cockcroft-Gault ya yi, tsohuwar fomula ta 1976 wadda take neman nauyin jiki, inda Scr yake nufin kiratinin na jini, CrCl kuma yawan tace shi da ƙoda take yi:

```
CrCl = (140 − age) × weight / (72 × Scr) × 0.85
     = 72 × 46 / (72 × 1.30) × 0.85
     = 30 mL/min
```

Da muka gwada sabuwar CKD-EPI ta 2021, wadda aka cire mata zancen launin fata, sai ta ba da 45. Jini ɗaya, mace ɗaya, rana ɗaya: 49, 42, 45, 30. Kuma kowace lamba da hukuncin da take jawowa. A 49 ana iya ci gaba da metfomin ana sa ido. Ƙasa da 45 sai a sake duba yawan da ake ba ta, galibi a rage. Ƙasa da 30 kuwa a tsayar da shi ɗungurungum, saboda tsoron taruwar asid a jini. Takardata ta sa tsohuwar a wurin kwanciyar hankali, lissafin likita ya sa ta a bakin rami.

Abin da na fara fahimta a zaman nan shi ne 30 ɗinsa da 45 ɗin nan ba ma'auni ɗaya suke ba. Lambar CKD-EPI tana fitowa ne a mL/min/1.73m², wato an ɗauka kamar kowa faɗin fatar jikinsa murabba'in mita 1.73 ne, don a iya kwatanta babba da ƙarami. Tsohuwar nan faɗin jikinta bai wuce 1.39 ba. Idan aka mayar da lambar kan ainihin jikinta, 45 sau 1.39 a raba da 1.73, sai ka samu kusan 36. To 36 da 30 ba su yi nisa da juna ba. Wajen sanya mutum a matakin ciwon ƙoda, lambar da aka daidaita kan 1.73 ake dubawa. Wajen auna magani ga mai ƙaramin jiki irin nata, ko ƙato mai kilo 120, abin da ƙodarsa take tacewa a zahiri ne ya fi muhimmanci, kuma magunguna da yawa tun asali da Cockcroft-Gault aka tsara yawan da za a bayar. Shi metfomin ƙa'idarsa ta yanzu a kan eGFR aka rubuta ta, amma likita mai hankali in ya ga siririyar tsohuwa dole ya dubi ɗayar lambar ma.

Ninkin 1.159 shi ne kuskurena na gaske, kuma ya dame ni. Na sa shi ne saboda na ga an rubuta baƙar fata, na ce ai mu ne. Ban tsaya na tambayi su wane ne baƙaƙen da aka auna ba. Baƙaƙen Amurka ne, waɗanda a binciken aka ga kiratinin ɗinsu ya ɗan fi na sauran yawa alhali aikin ƙodar ɗaya ne. Cimarsu daban, girman jikinsu daban. Tsohuwar da abincinta tuwo ne da miyar kuka, nama sai jefi-jefi, babu abin da ya haɗa ta da su sai launi. Daga baya binciken ARK da aka yi a Malawi da Uganda da Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2022, ya auna tacewar ƙoda kai tsaye da sinadarin iyohekzol ya kwatanta da fomulolin kiratinin. Abin da aka gani shi ne fomulolin suna zuzuta aikin ƙodar mutanen, kuma sa ninkin launin fata ƙara dagula abin yake yi. Ashe ko 45 ɗin da muka amince da ita tana iya zama ta yi wa tsohuwar kara.

Dalilin yana cikin kiratinin kansa. Shara ce da tsoka take fitarwa kullum, ƙoda ta tace ta zuba a fitsari. Yawansa a jini ya dogara da abu biyu, yadda ake zubo shi da yadda ake kwashe shi. Kamar randa ce mai ɓuli a ƙasa ana ɗura mata ruwa ta sama: in ka ga ruwan bai cika ba, ko dai ɓulin yana da faɗi, ko kuma ruwan da ake ɗurawa ne kaɗan. Fomula ba ta ganin tsoka. Tana hasashenta ne daga shekaru da jinsi kawai. Saboda haka wanda ya rame, ko wanda ya daɗe kwance, ko aka yanke masa ƙafa, ko mai ciwon hanta da ya ci jiki, kiratinin ɗinsa zai zauna ƙasa ko da ƙodar ta gaji, eGFR ya fito da kyau alhali ba haka abin yake ba. Ɗan dambe ko mai ɗaga ƙarfe akasin haka, a tsorata shi a banza.

Akwai kuma abubuwan da suke ɗaga kiratinin ba tare da sun taɓa tacewar ba. Naman da aka dafa ko aka gasa yana ɗauke da kiratinin, don haka wanda ya ci tsire ya ƙoshi sa'o'i kaɗan kafin a ɗibi jininsa sakamakonsa zai iya hawa, shi ya sa a makon babbar Sallah nake tambayar mutane abin da suka ci. Maganin ƙwayoyin cuta Saftirin yana toshe hanyar da ƙoda take bi ta fitar da wani ɓangare na kiratinin, haka ma dolutegirabir da masu cutar ƙanjamau da yawa suke sha yanzu. Hawan nasu ɗan kaɗan ne, yana zuwa a farkon fara maganin sannan ya tsaya wuri ɗaya. In ya ci gaba da hawa, to ba wannan ba ne, a nemi wani dalili.

Na kuma koma kan injinmu. Da hanyar Jaffe muke aunawa, wadda kiratinin yake haɗuwa da asid ɗin pikirik ya ba da launin ruwan goro. Tana da araha, amma ba kiratinin kaɗai ke ba da launin ba. Sinadaran kiton da suke taruwa a jinin mai ciwon suga in ya rikice suna iya ɗaga sakamakon, shawara mai tsanani kuma tana iya sauke shi. Fomulolin CKD-EPI an gina su ne a kan kiratinin da aka daidaita da ma'aunin IDMS, wato mizanin da ɗakunan gwaji suke daidaita awonsu da shi, don haka sai da na ɗauko takardar da ke cikin kwalin sinadaranmu na tabbatar an rubuta haka. In ba a rubuta ba, lambar da za ta fito ba ta da tushe komai kyan lissafin.

Bayan 'yan watanni aka kawo wani matashi mai shekara 30, amai da gudawa sun ƙarar masa da ruwan jiki. Jiya kiratinin ɗinsa 90, yau 180. Na sa a kwamfuta, ta ba ni 44, kusan lambar tsohuwar. Ban rubuta ba. Duk fomulolin nan sun ɗauka cewa kiratinin yana tsaye, abin da ake zubowa daidai yake da abin da ake kwashewa. Idan ƙoda ta tsaya cak yau, kiratinin ba ya tsalle nan take, kwanaki yake yi yana taruwa. Wanda nasa ya ninka cikin kwana ɗaya, ainihin tacewarsa tana iya zama ƙasa da 44 nesa ba kusa ba. Da na rubuta lambar, wani zai iya auna masa jentamaisin da ita, maganin ƙwayoyin cuta da ke iya cutar da ƙoda. Na rubuta kiratinin na jiya da na yau gefe da gefe, na ɗauki waya na kira ɗakin da yake kwance na ce a duba yawan fitsarinsa.

Yanzu takardarmu ta sauya. A ƙarƙashin lambar ana rubuta sunan fomular da shekararta, CKD-EPI 2021, da ma'auninta cikakke. Ba ma sa ɗigo, domin rubuta 44.8 nuna ƙwarewar da lissafin ba shi da ita ne. Ma'aunin da ake gwada fomulolin nan da shi shi ne su faɗo cikin kashi 30 bisa ɗari na tacewar da aka auna kai tsaye, kuma ko a inda suka fi dacewa, kusan mutum ɗaya cikin goma yana fita daga wannan da'irar. Ke nan 45 tana iya zama talatin da 'yan kai, tana iya kusantar sittin. Ba ma fitar da eGFR ga mai juna biyu, ko ga wanda kiratinin ɗinsa yake motsi. Yara 'yan ƙasa da 18 fomularsu daban ce, ta Schwartz, mai neman tsawo, kuma sai an rubuto mana tsawon muke lissafawa. Ba ma kuma rubuta wa kowa matakin ciwon ƙoda daga gwaji ɗaya, domin a ƙa'idar KDIGO, ƙungiyar duniya mai tsara jagororin kula da ciwon ƙoda, sai matsalar ta wuce wata uku, kuma ana son a haɗa da gwajin furotin ɗin albumin a fitsari. Inda lambar take kan iyaka kuma jikin mutum ba irin wanda fomula ta yi hasashe ba ne, muna ba da shawarar gwajin sistatin C, wanda bai dogara da tsoka ba, ko da yake tsadarsa da rashinsa a kusa suna hana yawancin marasa lafiyarmu yi.

Ita tsohuwar likita ya rage mata metfomin a ranar, ya kuma hana ta ƙwayoyin ciwon gwiwa irin su diklofenak da jikanta yake sayo mata a kemis. Ta dawo bayan wata uku da 'yan kwanaki. Da nake ɗaure mata hannu zan ɗibi jinin na ce, "Inna, an ci nama jiya ko da safen nan?" Ta ce rabonta da nama tun sunan jikarta. Kiratinin ya fito 118, na rubuta 43, da sunan fomular a ƙasa, da nauyinta kilo 46 a gefe don likita ya gani.