Taswirar sinadaran kabon: darasin yana ƙarƙashin kibiya

Duk ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare a Garwa ko Marwa da ke shirin bakaloriya ya san yadda babin alkol ke cika littafi, ga aldehid, ga keton, ga asid, ga esta. Da yawa sukan tattara su a takarda ɗaya, su sa kowane sinadari a akwati, su ja kibiya daga wannan zuwa wancan. Dabara ce mai kyau. Inda ake tuntuɓe shi ne a rubuta abin da aka zuba kawai, a manta da yanayin da aka zuba shi. Kowace kibiya tana bukatar abu uku: sinadarin da aka zuba a samanta, zafi da yanayin aiki a ƙarƙashinta, sai gwajin da ke tabbatar da abin da ya fito a gefen akwatin.

A sa etanol, C2H5OH, a tsakiyar takarda. Idan aka dafa shi da H2SO4 mai ƙarfi a wajen digiri 140, ƙwayoyin etanol biyu ne ke haɗuwa su saki ruwa ɗaya, a sami eter, C2H5OC2H5. Asid ɗin nan dai, in aka kai zafi digiri 170 zuwa 180, ruwan daga cikin ƙwaya ɗaya yake fita, a sami iskar eten, CH2=CH2, wadda ke kashe launin ruwan bromin. Wanda ya rubuta H2SO4 shi kaɗai a kan kibiya bai bambance tsakanin waɗannan biyun ba, kuma a nan maki ke zubewa.

Ƙona alkol a hankali, wato da sinadari ba da wuta ba, ya fi wannan bukatar kulawa. Ana amfani da dikromat, K2Cr2O7, cikin ruwan asid, launinsa ya tashi daga ruwan goro ya koma kore. Amma sauyin launin bai faɗi inda aikin ya tsaya ba. Etanol yakan fara zama etanal, CH3CHO, sannan ya wuce ya zama asid, CH3COOH. Mai son etanal sai ya rage yawan dikromat ɗin, ya riƙa tatse shi yana fita da zarar ya samu. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne etanal yana tafasa a digiri 21, etanol kuwa sai 78. Ga wani abu da zafin ƙasarmu ke koyarwa: a watan Afrilu a Garwa, lokacin da rana ke haura digiri 40, etanal ba ya zama ruwa a kwalba, tururi yake yi ya gudu, dole a nutsa kwalbar tarawa cikin ƙanƙara. Mai son asid kuma sai ya zuba dikromat fiye da kima, ya tsayar da bututun sanyaya a kan tukunyar, tururi na tashi yana komowa har aikin ya kai ƙarshe. Saboda haka kibiya biyu ake ja, ba ɗaya ba.

Gwaji ne ke raba gardama. Sinadarin gwaji da ake kira DNPH yana ba da laka rawaya zuwa ruwan goro da aldehid da keton baki ɗaya. Ruwan Felin mai shuɗi, in aka ɗumama shi, etanal na mai da shi laka ja kamar jan bulo, keton kuwa ba ya taɓa shi.

Amfanin taswirar yana fitowa ne a tambaya irin wannan: yaya za a sami propanon daga propan-1-ol? Gaggawa takan sa a zuba dikromat kai tsaye, sai a ƙare da propanal ko asid, domin OH ɗin yana kan kabon na baki. Keton kuwa daga alkol mai daraja ta biyu yake fitowa, wato wanda OH ɗinsa ke kan kabon da ke tsakanin wasu kabon biyu. Sai a fara daga akwatin propanon a bi kibiya da baya: propanon daga propan-2-ol yake, shi kuma daga propen, propen kuwa ana samunsa in an cire ruwa daga propan-1-ol.

```
CH3CH2CH2OH → CH3CH=CH2 → CH3CH(OH)CH3 → CH3COCH3
```

Matakin farko H2SO4 mai ƙarfi ne da zafi mai yawa. Na biyu mayar da ruwa ne cikin asid mai ruwa-ruwa, inda bisa ƙa'idar Markovnikov H ke zuwa kan kabon da ya fi yawan H, OH ya sauka a na tsakiya. A rubuta a taswirar cewa propan-2-ol shi ne mafi rinjaye, domin ɗan propan-1-ol kaɗan yakan biyo shi. Na uku dikromat ne cikin asid. Abin da ya fito zai amsa wa DNPH, ruwan Felin kuma ya zauna da shuɗinsa.

Kibiyar esta kuwa mai kai biyu ake ja mata, don aikin ba ya kai wa ƙarshe. Mol ɗaya na etanol da mol ɗaya na CH3COOH suna tsayawa idan wajen kashi 67 cikin ɗari ya zama esta. Ɗigon H2SO4 da zafi sauri kawai suke ƙarawa. In ana son esta ya ƙaru, sai a ƙara yawan ɗaya daga cikin biyun, ko a riƙa cire ruwan da ke fitowa.