"Bayan la'asar" ba lokaci ba ne

Har yanzu in na tuna taron ƙungiyarmu na unguwar Nima a Accra sai raina ya ɓaci, kuma laifina ne ba na kowa ba. Wani likita muka gayyato daga Kumasi ya yi wa iyayenmu mata bayani kan hawan jini. Dattijo ne, abokin babana, to da na kira shi kunya ta hana ni yawan tambaya. Na ce Baba ran Asabar ne bayan la'asar, ya ce Allah ya kai mu, na kashe waya ina murna wai na gama aiki.

Ni a nufina ƙarfe uku da rabi yana riƙe da makirfo. Shi kuma ya ɗauka bayan la'asar zai shigo Accra, sai ya duba marasa lafiyarsa da safe, bai hau mota ba sai sha ɗaya. Kumasi zuwa Accra wajen kilomita 250 ne, amma duk wanda ya san hanyar Nsawam zuwa Pokuase ya san ba da kilomita ake lissafi ba. Biyar da kwata ya iso, zauren kuma daga uku zuwa shida muka biya, mata sun zauna har ruwan leda ya ƙare, wasu sun tafi ɗora tukunya.

Ya buɗe kwamfuta ashe bayanin awa ɗaya da rabi ya shirya, ni minti talatin na rubuta masa a takardar shiri ban taɓa gaya masa ba. Furojektar da na aro HDMI take ci, kwamfutarsa ramin USB-C kawai gare ta, babu mai adafta. Haka ya yi minti ashirin da baki, hoton jijiyoyin da ya wahala ya haɗa ba wanda ya gani, aka kira magariba.

Abin da ya fi cin raina, da muna rabuwa ya ce ɗana ai da ka faɗa min da na kwana a nan tun Juma'a.

Yanzu ko wa na gayyata, na kan gaishe shi a waya tukuna, sannan in tura saƙo a WhatsApp. Rana da kwanan wata a lamba, ba "Asabar mai zuwa" ba. Lokaci biyu daban, na isowa da na fara magana, da tazarar awa guda a tsakani. Minti nawa zai yi, nawa na tambayoyi. Sai me zai buƙata, in da kwamfuta zai zo ya ɗauko min hoton gefenta in ga ramin da idona. In ya amsa da "to madalla" kawai ban yarda ba, sai na ce Baba a yi haƙuri, ƙarfe nawa za ku tashi daga gida? Wannan tambayar ce da na yi ta ran nan da ba mu yi asarar kuɗin zaure ba.