Wasan da ke neman karanta saƙonnin waya

Gyaran waya nake yi a Jidda, kuma yaran unguwarmu sun sha kawo mini wayoyin da wasan "kuɗi kyauta" ya rikita. Ɗan maƙwabcina ya zo da ta mahaifiyarsa: tana zafi, talla na faɗowa ko ba a buɗe komai ba. Ya ce, "Kawu, wasan tsere kawai na sauke daga wani shafi."

Abin da mutane ba su sani ba shi ne kowane fayil ɗin APK, wato fayil ɗin da ake saka manhaja da shi a wayar Android, yana ɗauke da sa hannun wanda ya ƙera shi. Wanda ya farke wasa don ya cire biyan kuɗi ba shi da makullin kamfanin, dole ya sake sa hannu da nasa. To tunda ya riga ya farke, me zai hana shi cusa wani abu kafin ya ɗinke? Shi ya sa in wasan asali yana kan waya, na jabun ba ya hawa kansa, sai ka ga `App not installed`. Shafin da yaron ya sauke wasan har ya rubuta wai a fara goge na asali. Ni da na ji haka, magana ta ƙare.

Na shiga `Settings`, na duba izinin wasan. Ya karɓi `SMS`, an kuma kunna masa `Accessibility`. Na farkon yana ba shi damar karanta lambar sirri da banki ke turowa. Na biyun ya fi muni, don yana ganin abin da ke kan allo, yana kuma iya danne-danne da kansa. A wayar da Hajiya, mahaifiyar yaron, ke buɗe Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, da asusunta na banki! Motar tsere ba ta da wata hulɗa da saƙonni. Tun Android 13 waya kan toshe `Accessibility` ga fayil da aka sauke daga waje, amma shafin ya koya wa yaron danna `Allow restricted settings`.

Na kashe intanet, na janye izinin, na tayar da wayar a `Safe mode`, inda manhajojin da aka sauke ba sa aiki, na goge wasan. Na ce Hajiya ta canza kalmomin sirrinta daga wata wayar, ta duba asusunta.

Yanzu in yaro ya nace, Play Store nake fara dubawa, ko Galaxy Store a wayar Samsung. In kamfanin da kansa yake raba wasan, kamar yadda Epic ya fara yi da Fortnite a 2018, daga shafinsa nake ɗauka, adireshin ma da hannuna nake rubutawa. Ina ɗora fayil ɗin a VirusTotal, shafin da ke binciken cuta a fayil, tukuna, ko da yake sabuwar cuta kan iya wuce shi. Play Protect, mai gadin Google da ke binciken manhajojin waya, a kunne nake barinsa, kuma da an gama sakawa nake komawa `Install unknown apps` in rufe izinin da na ba burauza. Wasan da aka farke kuwa, ko nawa za a biya ni ba na saka shi.