Tambayoyi uku da na yi kafin in fara gwajin neman aiki

Saƙon ya shigo imel ɗina ranar Talata da hantsi, kuma duk duka bai wuce layi huɗu ba. Wata ƙungiya ce da na nemi aikin rubuce-rubuce a wurinta. Sun ce takarduna sun tsallake matakin farko, saura ɗan gwaji: ga rahoto mai shafi 14 a haɗe, in taƙaita shi a shafi ɗaya, in aiko musu zuwa Juma'a. Iyakar bayanin ke nan.

Ba wannan ne karon farko da na gamu da irin wannan saƙo ba. Shekara guda kafin nan wani kamfani ya ce in rubuta "gajeren bayani" a kan wata hidima tasu. Na ji kunyar tambaya, don gani nake za a ce ban san aiki ba. Na zauna na zuba kalmomi kusan 1,500 da harshen masana. Daga baya na gane sakin layi uku suke so, wanda abokin ciniki zai karanta a waya yana tsaye. Ban samu aikin ba, kuma laifin ba na alƙalamina ba ne, na bakina ne da na kulle. Hausawa dai sun faɗa, matambayi ba ya ɓata.

Saboda haka a wannan karon ban yi gaggawar amsawa ba, ban kuma yi gaggawar fara rubutu ba. Na karanta rahoton tukuna daga bango zuwa bango, na sake duba sanarwar aikin da suka fitar tun farko, ina rubuta duk abin da ya shige mini duhu. Tambayoyi tara suka taru. Sai na ɗora kowace a kan ma'auni ɗaya: idan amsar ta zo "eh" ko ta zo "a'a", abin da zan rubuta zai canja? Wadda ba za ta canja komai ba na soke ta. Irin girman haruffa da za a yi amfani da shi, wannan ni zan zaɓa. Ayyukan da ƙungiyar ke yi, wannan yana cikin rahoton da ke gabana, tambayarsa ma tonon asiri ne cewa ban karanta ba. Akwai wata da na so in yi, wato "me kuka fi so ku gani a ciki?", amma na lura roƙon amsar jarrabawa ce kawai aka yi wa ado. Maganar albashi kuwa ba lokacinta ba ne. Uku suka rage.

Ta farko, kuma mafi nauyi, ita ce wa zai karanta taƙaitawar. Rahoto ɗaya yana iya haifar da taƙaitawa iri uku da ba su kama da juna. Shugaban da zai yanke hukunci yana son shawarwari a sama, hujjoji a ƙasa. Mai ba da tallafi yana son ya ga abin da aka cim ma da alƙaluma. Jama'ar gari kuwa sai an warware musu kowace kalma ta ƙwararru. Idan ka kuskure mai karatu, kyan jimla ba zai cece ka ba, kamar yadda na ɗanɗana a baya.

Ta biyu ta haɗa tsawo da lokaci. "Shafi ɗaya" ba ma'auni ba ne tsayayye: da haruffa masu girman 12 da layuka a matse yana ɗaukar kalmomi wajen 500, idan aka ninka tazarar layuka kuma ya koma wajen 250. "Zuwa Juma'a" ma haka, ko safiya ce, ko tashi daga ofis, ko sha biyun dare. Ofishin nasu yana wata ƙasa da agogonta ke gaban nawa da awa biyu, ƙarfe biyar ɗinsu ƙarfe ukuna ne.

Ta uku ita ta fi ba ni wahala. A shafi na 3 rahoton ya ce mutane 4,200 suka amfana da shirin, amma da na haɗa lambobin jadawalin shafi na 11 sai na samu 3,850. Ko kuskure ne na gaske, ko tarko aka ɗana don a ga wa zai lura. Na yi ta jujjuya ko in yi shiru in gyara da kaina, amma ba ni da hurumin zaɓar wa mutane adadinsu a ɓoye.

Dabarar da na bi wajen rubuta amsar ita ce kowace tambaya ta zo da abin da zan yi idan ban ji daga gare su ba. Jami'ar da ke kula da ɗaukar ma'aikata tana iya zama da masu nema talatin a kanta, don haka na so ta iya sallamata da kalma ɗaya. Ga abin da na aika, a kan saƙonsu na asali don kada zaren ya tsinke, kafin a tashi aiki a ranar:

"Malama, barka da aiki. Na samu saƙonku da rahoton, na gode da wannan dama, kuma zan aiko da aikin a kan lokaci. Ina da tambayoyi uku kafin in fara. Na farko, wa aka nufa da taƙaitawar? Idan ba ku ce komai ba, zan rubuta ta don shugabannin ƙungiya, shawarwari a farko. Na biyu, na ɗauki shafi ɗaya a matsayin kalmomi 450 zuwa 500, zan kuma aiko a PDF kafin ƙarfe 5 na yammacin Juma'a agogonku. Idan kun fi son Word ko wani lokaci, ku sanar da ni. Na uku, adadin shafi na 3 bai dace da jimillar jadawalin shafi na 11 ba. Niyyata in yi amfani da na jadawalin, in kuma nuna saɓanin a ƙasan shafi. Idan akwai wanda kuka tabbatar, zan bi shi."

Ban zauna jiran amsa ba. Daren nan na fara tsara aikin bisa abin da na ce zan yi, domin wa'adi ba ya tsayawa don ka yi tambaya, kuma bai kamata tambaya ta zama hanyar neman ƙarin kwana ta bayan gida ba. Mai bukatar ƙarin lokaci ya nema a fili, tun da wuri.

Amsar ta zo Laraba da azahar, ita ma gajeriya. Taƙaitawar ta masu ba da tallafi ce, ba ta shugabanni ba. Ashe zatona kuskure ne, da ban tambaya ba da na sake faɗawa ramin bara. Tsawo da lokaci sun yi daidai, amma Word suke so don su yi gyara a kai. A kan adadin kuwa sai ta ce in yi yadda na ga ya dace. Irin wannan amsa ba wulaƙanci ba ce, alama ce cewa nan ne gwajin yake, don haka ban sake komawa da wata tambaya ba.

Na rushe tsarin da na fara, na ɗauko sakamakon shirin na kai sama, shawarwarin suka koma jimla biyu a ƙarshe. Na rubuta 3,850, na sa layi ɗaya a ƙasa mai bayyana inda na samo shi da inda ya saɓa. Kalmomi 480 suka fito. Na aika ranar Juma'a da ƙarfe goma sha ɗaya na safe agogonsu, sunana a jikin sunan fayil ɗin. Bayan mako guda aka kira ni ganawa, kuma tambayar farko da aka yi mini ita ce ta yaya na gano batun shafi na 11.