Kwana tara ɗan aikena yana rubuta "kuskure" kawai

Jiya da daddare na gano abin da ke hana ɗan aiken nan nawa aiki, kuma har yanzu ina jin haushin kaina. 'Yan uwa masu koyon wannan harka, bari in ba ku labari tun da zafinsa.

Wata 'yar manhaja ce ta Python da na ɗora a kan 'yar ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi 4, a shagon yayana. Aikinta ɗaya: ta ɗauki kwafin fayil ɗin cinikin ranar ta tura ma'ajiyar S3 ta Amazon da ke intanet. cron, mai tada ayyuka a lokacin da aka tsara, na tashe ta ƙarfe 8 na dare, sannan na ƙara layin `@reboot` don ta sake turawa duk lokacin da na'urar ta kunnu, saboda kun san halin wuta. Wata biyu lafiya lau. Sai na leƙa ma'ajiyar na ga ranaku tara babu komai a cikin mako uku. Na buɗe kundin aikin, ga abin da na tarar:

```
14:52:31 fara
14:52:40 kuskure
14:52:42 kuskure
14:52:44 kuskure
```

Shi ke nan. Babu kwanan wata ma. Ni da hannuna na rubuta `except Exception:` na sa kalma ɗaya a ƙarƙashinsa, ina ganin na yi dabara. Kuskuren me? A wane mataki? Oho. Na zargi katin memori, na sayi sabo naira 9,000, na hau mota har shagon sau biyu. Na zargi rauta. Kuma duk lokacin da na tashi manhajar da hannuna sai ta tafi sumul, kamar mara lafiyar da ya warke da ganin likita.

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne lokacin. Na ce, "Yaya, ranar Talata an ɗauke wuta an dawo da ita wajen ƙarfe uku na rana ne?" Ya ce, "Kai, ina! Tun bayan azahar ta tafi, har muka rufe ba ta dawo ba. Maigadi ya ce sai bayan isha'i." To me ya tashi ɗan aike ƙarfe 2:52 na rana alhali babu wuta? Na bar tambayar a nan, don ba ni da abin da zan auna ta da shi.

Sai na daina neman cutar, na zauna na gyara kundin tukuna. Farko na cire kalmar tawa na sa `logging.exception`, wanda ke rubuta saƙon kuskuren da duk layukan da aka bi kafin a faɗi. Na biyu, kuma wannan ne ya fi amfani, na sa ɗan aike ya faɗi halin da ya tarar da na'urar kafin ya taɓa komai: wa ya tashe shi, cron na dare ne ko kunnuwa, sakan nawa da kunnuwar na'urar, daga `/proc/uptime`, sannan agogon ya daidaita da intanet ko bai daidaita ba. Na ƙarshen nan umarni ɗaya ne, amsarsa `yes` ko `no`:

```
timedatectl show -p NTPSynchronized --value
```

Kowane tashi na ba shi lamba tasa 'yar gajera da ke fitowa a kowane layi, don in tashi biyu suka haɗu in iya raba su da `grep`. Lokaci kuma na mai da shi cikakke, da kwanan wata, a UTC, wato lokacin bai ɗaya na duniya.

Kwana huɗu ina jira a ɗauke wuta. Ban taɓa zaton zan yi wannan addu'ar ba. Jiya ta karɓu:

```
13:41:09Z 7c2e fara tashi=reboot uptime=38 ntp=no
13:41:17Z 7c2e zan_tura girma=412880 gwaji=1
13:41:18Z 7c2e 403 RequestTimeTooSkewed ServerTime=20:06:02Z
```

(Na yanke kwanan watan a nan don layin ya gajarta.) Ku dubi layin farko da na uku. Na'urar na ganin ƙarfe 13:41 ne, sabar na cewa 20:06. Tazarar awa shida da minti ashirin da biyar. Pi 4 ba shi da agogo mai batir a jikinsa. In wuta ta tafi, lokaci ya tsaya masa. In ta dawo, sai ya ci gaba daga lokacin ƙarshe da ya ajiye a kati, har sai ya samu intanet ya gyara. Ita kuwa S3 kowace buƙata ana sa mata hannu ne tare da lokaci, kuma in lokacin ya kauce da fiye da minti 15 ba ta karɓa. Ni kuma na rubuta ɗan aike ya jira intanet kawai. Da zarar rauta ta haɗu sai ya yi wuf ya tura, ya riga gyaran agogo da 'yan sakanni, ya gwada sau uku a cikin sakan shida, ya haƙura. Turawar ƙarfe 8 kuwa ta riga ta wuce cikin duhu. Shi ya sa in wuta ta ɗan ƙifta ta dawo ba a samun matsala, sai ta daɗe. Shi ya sa kuma gwajin hannuna bai taɓa faɗuwa ba: kafin in zauna in shiga, agogo ya daɗe da gyaruwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, sabar tana faɗin wannan tun ranar farko, da sunan kuskuren da lokacinta duka, a cikin `e.response["Error"]`. Ni ne nake karɓa ina zubarwa. Kuma lokacin da ke gefen layukan, wanda na fi yarda da shi a duk kundin, shi ne ke yi mini ƙarya. `uptime=38` ba ruwansa da agogon bango, ƙirgen sakan ne tun kunnuwa, shi ya sa yanzu shi nake fara dubawa.

Layin `zan_tura` ma da dalilinsa. Ina rubuta niyya kafin aiki, sakamako bayan aiki. In na ga niyya babu sakamako, na san a tsakiyar turawa aka mutu, ba kafin ta ba. A ƙarshe akwai layin `gama` mai faɗin fayil nawa aka tura da sakan nawa aka ɗauka, ko da sifili ne, don a da shiru na iya nufin babu abin turawa, na iya nufin manhajar ba ta tashi ba sam.

Wani ganganci da na kusa yi: cikin zafin nema na sa a rubuta buƙatar gaba ɗaya, har da layin `Authorization`, mai ɗauke da shaidar izinin shiga ma'ajiyar. Na kusa tura wa wani aboki kundin kafin in lura. Na cire. Sunan fayil da girmansa sun isa. Sunayen masu bashin Yaya ba su da abin yi a can.

Gyaran kansa layi biyar ne. Ɗan aike na duba agogo duk sakan goma har minti biyar, in bai ga `yes` ba ya rubuta `ntp=no na_fasa` ya fita da lambar da ba sifili ba. Yau da safe na zare fulogi awa ɗaya na mayar, ya jira sakan 50, ya tura.

Agogo mai batir, DS3231, yana cikin lissafi, amma bayan kuɗin katin nan sai ƙarshen wata. Saura kuma abu ɗaya da kundi ba zai iya ba: in Pi ɗin bai kunnu ba gaba ɗaya, babu mai rubuta komai. Wannan sai na sa wani abu daga waje yana duba ma'ajiyar kowace safiya. Kafin nan, Yaya ya ce in daina kiransa ina tambayar yaushe aka kawo wuta.